Na kashe kuɗina na gyara gidan haya, yanzu mai gida yace bai san zancen ba

Tambaya:

Salam Barista, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema. Ina haya a Kubwa shekara huɗu kenan, ciki biyu da falo, ina biyan naira dubu 900 duk shekara kuma ban taɓa yin latti ba. Daminar bana kwanon ya fara yoyo har silin ɗin ɗakin yara ya rufto, Allah ne ya kiyaye ba kowa a ciki. Na kira mai gidan yace min "ka gyara kawai za mu yi lissafi", na kashe dubu 620 harda sabuwar ƙofa da tayil ɗin kicin tunda dama an riga an fara aiki. Da lokacin biyan haya yayi nace a cire kuɗina, sai yace shi bai ce in kashe haka ba, wai na haɗa baki da masu aiki ne na cuce shi. Maganar nan ta min ciwo wallahi, sai nima na riƙe kuɗin hayar gaba ɗaya. Yanzu ejan ya kawo min notis na wata ɗaya kuma yace idan ban fita ba za su kwaye kwanon su yanke wuta. Me ya kamata in yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara kiyayewa. Zan fara da abinda zai baka natsuwa sannan in zo kan wanda ba zai maka daɗi ba, domin duka biyun akwai su a maganarka.

Maganar kwaye kwano da yanke wuta, babu mai gidan da doka ta ba wannan ikon, ko da kuwa yana binka bashin haya na shekara biyu ne. Kotu ce kaɗai take fitar da ɗan haya, kuma ma'aikatanta ne suke zuwa su aiwatar. Tun 1986 Kotun Ƙoli ta yi magana mai zafi akan ɗaukar doka a hannu a shari'ar Ojukwu da gwamnatin Legas, inda gwamnati da kanta ta fitar da shi daga gida da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu, aka ce mata ba ta da wannan hurumin. Toh idan gwamnati ba ta da shi ina ga mai gida da ejan. Idan suka taɓa kwanon nan ko suka sa kwaɗo a ƙofa, kai ne za ka koma mai ƙara kana neman diyya. Ka ajiye duk saƙon da ejan ya turo maka na barazana, kada ka goge, kuma kada ka mayar masa da zagi.

Notis ɗin wata ɗaya ma da matsala, amma ya danganta da abinda kuka rubuta. A dokar Abuja, idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi wani wa'adi daban, mai biya wata wata notis ɗin wata ɗaya ake bashi, mai biya shekara shekara kuma wata shida. Bayan wannan ya ƙare sai a sake bashi na kwana bakwai cewa mai gida zai je kotu. Amma idan takardar da kuka sa hannu tace hayar ta shekara ɗaya ce cak daga rana kaza zuwa rana kaza kuma ranar ta wuce ba a sabunta ba, ko tace wata ɗaya ya isa, toh lissafi ya canza, na kwana bakwai ɗin ma zai iya isarsa ya shigar da ƙara. Saboda haka ka nemo takardar hayarka ka karanta ta yau. Kuma kada ka kwanta akan cewa notis ya lalace shikenan ka ci nasara, kuskuren notis lokaci kawai yake saya maka, za su gyara su dawo, kuma kuɗin zaman da kayi a tsakani yana nan yana taruwa a kanka.

Yanzu ga inda ƙafarka ba ta taka da kyau ba. Riƙe kuɗin haya gaba ɗaya da kayi shi ne babban makamin da ka miƙa masa da hannunka. Ko a lissafinka kai kanka, 900 a cire 620, akwai dubu 280 da babu gardama nasa ne, me yasa suke hannunka? Alƙali zai fara kallonka a matsayin wanda ake bi bashin haya kafin ya saurari labarin silin. Na biyu, kalmar "za mu yi lissafi" yarjejeniya ce, doka ta san yarjejeniyar baki, amma a waya aka faɗe ta, babu adadi, babu iyaka, kuma idan ya musa sai ka kawo hujja. Na uku, doka tana bambanta gyaran abinda ya lalace da ƙarin ƙawata gida. Dokar Abuja ta faɗa ƙarara cewa ɗan haya ba shi da haƙƙin diyya akan ƙarin da yayi wa gida sai idan ya samu amincewar mai gida a rubuce kafin ya fara aikin. Kwano da silin gyara ne, zancen ku na waya ma akansu aka yi. Tayil ɗin kicin da sabuwar ƙofa kuwa, sai dai idan tsohuwar ƙofar ta lalace ne har ba ta rufuwa, zai yi wuya kotu ta tilasta masa biyansu.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk gyara dole akan mai gida yake. Abinda aka saba rubutawa a takardun haya shi ne ginin kansa, wato kwano, bango, katanga, sokawe, na mai gida ne, ƙananan abubuwan cikin gida kamar kan famfo, kwan fitila, makulli, gilashin da yara suka fasa, na ɗan haya ne, banda tsufan da abu yake yi da kansa saboda amfani na yau da kullum. Amma ƙarfin wannan rabon daga takardar yake zuwa. Inda ba a rubuta komai ba, tilasta wa mai gida gyara ba abu ne mai sauƙi ba kamar yadda ake zato, shi yasa amincewarsa ta waya take da nauyi sosai a shari'arka.

Bari in baka labarin wata rigima da ta zo hannuna mai kama da taka, don ka ga yadda ake warware irin wannan a aikace. A wancan karon ni ɓangaren mai gida nake, wata Hajiya ce da mijinta ya rasu ya bar mata gida mai sashe uku, da kuɗin hayar take biyan makarantar marayu. Ɗan hayan nata malamin makaranta ne, shekararsa shida a gidan yana biyan dubu 800. Sun yi zaman mutunci sosai, Mama yake ce mata, da azumi yana kai mata sukari da gero. Ranar da ta zo ofis ɗina ko sunansa ba ta son furtawa, cewa take "yaron nan ya ci amanata, Barista ku fitar min da shi ko nawa ne zan biya". Shi kuma da na kira shi cewa yayi ko zai kwana a titi ba zai bada sisi ba tunda an kira shi ɓarawo a gaban matarsa.

Abinda ya faru shi ne kwano ya yi yoyo, ya gyara, ya kawo lissafin dubu 540 yace a cire daga haya. Ita kuma tace ita dubu 50 ta sani, kuma ta riga ta bayar. Kowa yana rantsuwa, kuma na lura babu wanda yake kama da mai ƙarya a cikinsu, wannan ne ya sa nace mata Hajiya ku bani sati biyu kafin mu rubuta notis.

Abu na farko da na nema shi ne kowa ya kawo wayarsa da takardunsa. Malam ya buɗe WhatsApp, sai ga saƙon murya da ya tura wa ejan tun watan Yuni da hotunan ruwa yana zuba, sai na Yuli, sai na Agusta ranar da silin ya faɗo, da amsar ejan yana cewa "Hajiya tace ka gyara duka a cire a haya". Hajiya kuma ta nuna tiransifar dubu 50 da ta yi wa ejan a watan Yuli, a wurin bayani an rubuta gyaran kwano. Ashe ejan ya karɓi kuɗin ya saka a aljihu, bai kira kafinta ba, bai gaya mata silin ya faɗo ba, kuma ita ba ta taɓa cewa a gyara duka ba. Wata uku suna gaba da juna akan maganar da wani ya ƙirƙira a tsakaninsu. Wannan abin yana min ciwo duk sanda na gani, kuma ina ganinsa da yawa, mai gida da ɗan haya suna gari ɗaya amma sai ta bakin ejan suke jin juna.

Dole na gaya wa Hajiya gaskiyar da ba ta so ji ba: ejan wakilinta ne, ita ta naɗa shi ta ce a riƙa bi ta hannunsa, saboda haka abinda ya faɗa da sunanta akan gyara zai iya hawa kanta a kotu, sai dai ita ta juya ta bi shi daga baya. Tayi shiru tace toh.

Sai muka zo kan adadi. Ban yarda a yi gardama akan 540 a dunƙule ba, nace a farfasa shi. Kwano da katako da ladan kafinta dubu 210, silin dubu 90, kwashe sokawe da gyaran bututu dubu 70, tayil na falo dubu 120, fenti dubu 50. Muka amince a kawo kafinta na uku wanda ba na kowa ba, limamin masallacin unguwar ne ya zaɓo shi, kowa ya bada rabin ladansa. Ya hau sama ya ƙirga. Rasit yace bandir biyu na kwano aka saya, falle 40 kenan, amma sabbin da ke kan rufin 31 ne. Nan fuskar malam ta canza, don shi ma bai sani ba, yana makaranta aka yi aikin, kafintansa ne ya wuce da ragowar. Kaga zargin Hajiya cewa an ƙara kuɗi yana da tushe, sai dai ba wanda take zargi ne ya ci ba. Aka yanke aikin kwano akan dubu 180, malam ya ɗauki asarar 30 ɗin tunda shi ya kawo mai aikin.

Silin Hajiya ta ɗauka duka, dubu 90, domin da an gyara kwano tun Yuni da aka kai ƙorafi da bai faɗo ba. Sokawe aka raba biyu, 35 kowa, saboda fulamba ya tabbatar rabin matsalar tsufan bututu ne rabi kuma tsummoki da ledoji da aka riƙa zubawa daga sashen malam. Fenti ya haƙura da shi da kansa. Tayil ne aka daɗe a kai. A doka ba ta da tilas ta biya ko kobo, na faɗa musu haka a gaban juna. Amma na tambaye ta, Hajiya idan ya tashi gobe, tayil ɗin nan zai bi shi ne ko zai zauna ya ƙara wa gidanku daraja? Ta yarda da rabi, dubu 60, da sharaɗin sai a hayar shekara mai zuwa za a cire don bana tana da kuɗin makaranta a gabanta.

Lissafi ya tsaya haka: 180 da 90 da 35 sun zama dubu 305, aka cire daga 800, saura 495. Ya biya dubu 300 ranar da aka sa hannu, 195 cikin kwana 60. Ejan ya dawo da dubu 50 ɗin Hajiya a biya biyu bayan na rubuta masa wasiƙa, kuma ta sallame shi.

Amma kuɗin ba shi ne ya fi wuya ba. An gama lissafi tsaf malam yaƙi ɗaukar biro, yace Barista ni fa kalmar ɓarawo ce ta tsaya min. Babu sashen doka da zan buɗe in magance wannan a wurin. Ƙanin mijin Hajiya da ya rako ta shi ya yi magana, yace Yaya tunda a gaban iyalinsa aka faɗa, a gaban iyalinsa ya kamata a janye. Da yamma ta je gidan da kanta ta ce ta yi zato ne kuma zaton bai tabbata ba, ya yafe mata. Shi ma ya bata haƙuri akan riƙe mata haya wata uku alhali ya san da shi marayu suke karatu. Washegari aka sa hannu.

Takardar sulhun shafi biyu ce kawai, kuma abinda ke cikinta shi nake so ka kwafa. An rubuta adadin da aka amince da ranakun biya, an rubuta cewa wannan ya rufe duk wata da'awa akan gyaran bana daga kowane ɓangare. Sai tsarin gaba: duk lalacewar da ta shafi gini, zai tura mata hoto da saƙo kai tsaye a lambarta, tana da kwana bakwai ta amsa. Aikin da ya haura dubu 20 ba a fara shi sai ta ga kiyasin mai aiki ta rubuta "na amince" da adadin a jiki. Idan abu ne na gaggawa kamar ruwa yana zuba akan wayar wuta, zai iya kashe har dubu 30 ya tsayar da ɓarna ya sanar da ita a ranar. Kuɗin haya ta banki kawai, zuwa asusunta. Shaidu biyu suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Malam yana gidan har yanzu.

Toh mu dawo kanka. A ganina hanyoyi uku ne a gabanka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Wadda nake baka shawara ita ce ka fara gyara matsayinka sannan ka nemi zama. Cikin satin nan ka tura masa dubu 280 ɗin da babu gardama akansu ta banki, a wurin bayani ka rubuta cewa wani ɓangare ne na hayar shekara kaza. Idan zaka iya, ka ware kuɗin tayil da ƙofa ma ka ajiye a gefe kada ka taɓa, don akwai yiwuwar su dawo kanka. Sannan ka rubuta masa wasiƙa ko saƙo cikin ladabi, shi kansa ba ejan ba, ka tuna masa ranar da kuka yi waya da abinda yace, ka jera ayyukan ɗaya bayan ɗaya da kuɗin kowanne, ka haɗa rasit da hotuna, kace ka yarda ya kawo mai aikin da ya amince da shi ya duba ya kiyasta. Wannan tayin na ƙarshe yana da amfani biyu, yana kashe zargin cuta, kuma sau da yawa amsar da zai bayar ita ce hujjar da ka rasa. Idan ya rubuto "ni kwano kawai nace ka gyara", kaga ya amsa da hannunsa cewa ya baka izinin kwano. Kada kayi masa wayo ko ka sa masa magana a baki, ka rubuta gaskiyar abinda ya faru kawai ka bar shi ya amsa.

Ka kuma binciki ɓangarenka kafin wani ya bincika maka. Ka hau ko ka sa a hau a ƙirga fallayen, ka koma shagon da aka sayi kaya ka tabbatar rasit ɗin nasu ne. Rasit ɗin da mai aiki ya rubuta da hannunsa a takardar littafi ba tare da sunan shago ba shi ne farkon abinda lauyan ɗaya ɓangaren zai kama. Wayar da saƙonnin suke ciki kada ka sayar ko ka canza ta, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani akan na'urar da aka ciro saƙo daga cikinta kafin kotu ta karɓa, lauyanka zai shirya maka takardar.

Idan zaman gida da dattawa bai yiwu ba, Babbar Kotun Abuja tana da cibiyar sulhu tun 2003, mutum zai iya zuwa da kansa ya nemi a gayyaci abokin rigimarsa ba sai an shigar da ƙara ba, kuma abinda aka amince a can ana iya kai shi gaban alƙali ya sa hannu ya zama kamar hukuncin kotu. Masu karatu na Kano ma akwai irinta a can. Wannan ya fi takardar gida ƙarfi idan kana tsoron wani zai sauya magana daga baya.

Hanya ta biyu ita ce ka jira ya kai ka kotu ka shigar da taka da'awar a cikin shari'ar, kace a cire kuɗin gyara daga abinda yake binka. Zai yiwu ka samu na kwano da silin idan hujjarka ta tsaya, amma ka sa a ranka cewa a ƙarshe gidansa ne, idan ya bi matakan notis daidai kotu za ta bashi abinsa, kuma ka lissafa kuɗin lauya da zirga zirga akan kuɗin da kuke jayayya a kai wanda watakila bai wuce dubu 200 ba idan an tace.

Ta uku, idan ka ga zuciyarka ta riga ta fita daga gidan, toh a yi sulhun rabuwa: a amince da kuɗin gyara, a mayar da shi watannin zama, a rubuta ranar da zaka miƙa makulli, a zagaya gidan tare a ɗauki hoto ranar fita. A hayar dubu 900, wata ɗaya dubu 75 ne, kaga idan aka amince da dubu 450 misali, wata shida kenan ka zauna ba tare da ka ƙara ko sisi ba kana neman wani wurin a natse.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kada ka kai maganar nan ofishin 'yan sanda don su karɓo maka kuɗi, kuma idan shi ya kai ka kada ka tsorata, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum akan rigimar yarjejeniya zalla. Inda suke da hurumi shi ne idan an zo da ƙarfi za a fasa ko a kwaye rufi, nan kam ka kira su kuma ka ɗauki bidiyo daga nesa.

Ka kai wa lauya na kusa da kai takardar hayar da notis ɗin da ejan ya kawo ya duba kwanan watan da ke jiki da wanda ya sa hannu, don akan waɗannan biyun ne zai gaya maka ko wata shida kake da shi ko kwana bakwai. Allah ya daidaita tsakaninku.